Fankar waya, maɓallan harbi da mariƙi: tambayoyi da amsoshi ga masu wasa a Yamai da Tawa

A shagunan kayan waya na Babbar Kasuwar Yamai, da ma kan teburan masu sayar da caja a bakin hanya, yanzu ana rataye wasu kaya uku da ake yi wa masu wasa da waya talla: fankar da ake maƙalawa a bayan waya, maɓallan da ake ɗaurawa a gefenta na sama domin harbi, da mariƙin da ke mayar da ita kamar abin riƙon na'urar wasa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda matasa masu buga PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty: Mobile suka fi yi kafin su saya, kuma an amsa su ne bisa la'akari da zafin ƙasarmu da halin wutarmu, domin abin da ke aiki a ɗaki mai sanyi a wata ƙasa ba lallai ya yi aiki a Tawa cikin watan Afirilu ba.

Me ya sa waya take fara wasa lafiya, sannan bayan ɗan lokaci ta soma sarƙewa?

Dalilin da ya fi yawa shi ne zafi. A cikin kowace waya akwai ƙaramin guntu wanda ke yin lissafin wasan da kuma zana hotunan da kake gani, ana kiransa furosesa, kuma duk wutar da ya ci daga batir tana komawa zafi. Yawancin wayoyi ba su da fanka a ciki, saboda haka zafin yana fita ne ta jikin wayar kawai, ta baya da ta allo, zuwa cikin iskar da ke kewaye da ita. Idan zafin da ake samarwa ya fi wanda ke fita, wayar tana ci gaba da ɗumama har ta kai wani mataki da kamfanin da ya ƙera ta ya ƙayyade, daga nan sai ta rage saurin furosesa da kanta don kada batir da sauran kayan ciki su lalace. A wayoyi da dama wannan ragewar tana farawa ne idan jikin wayar ko batirinta ya kai tsakanin digiri 40 zuwa 45.

Abin da mai wasa ke gani a lokacin shi ne raguwar yawan hotunan da ke wucewa a kowane sakan. Wasan da ke tafiya da hotuna 60 a sakan yana sabunta abin da ke allo kusan kowane milisakan 17, idan kuwa ya faɗi zuwa 30 sai tazarar ta koma kusan 33, kuma hannu yana jin wannan bambancin tun kafin ido ya tantance shi, musamman lokacin da kake juya bindiga kana bin wanda ke gudu. Wasu wayoyin kuma sukan dushe hasken allo, ko su dakatar da caji.

A nan ne yanayinmu ya shigo. Kamfanin Apple, alal misali, ya bayyana cewa an tsara iPhone ne don a yi amfani da ita inda zafin iska bai wuce digiri 35 ba, alhali a Yamai da Tawa zafin rana yakan haura 40 a watannin Afirilu da Mayu. Wayar da ake wasa da ita a ƙarƙashin rumfar kwano da ƙarfe uku na rana ta riga ta kusa iyakarta tun kafin a buɗe wasan.

Ta yaya zan tabbatar cewa zafi ne matsalata, ba wani abu ba?

Wannan ita ce tambayar da ta kamata a fara da ita, kuma ita ce aka fi tsallakewa, sai mutum ya sayi fanka don maganin cutar da ba zafi ya kawo ta ba. Abubuwa uku ne ke sa wasa ya sarƙe, kuma kowannensu yana da alamarsa.

Idan rezo ne, za ka ga lambar da wasan ke nunawa da sunan ping ta hau, ta koma ja, kana gudu sai a dawo da kai baya, ko ka harbi mutum sau da yawa amma bai faɗi ba, alhali hoton kansa yana tafiya sumul. Wannan ba ruwansa da zafi, kuma babu fankar da za ta gyara shi. Idan ƙarfin wayar ne bai kai ba, wato furosesa ƙarami ne ko ma'ajiyar aikinta ba ta da yawa, sarƙewar tana nan tun daga minti na farko, ko da safe ne wayar tana sanyi, kuma takan tsananta a duk inda mutane suka taru, kamar lokacin saukowa daga jirgi a wuri mai cunkoso. Idan kuwa zafi ne, wasan yana farawa lafiya, sai bayan minti goma ko ashirin ya soma nauyi, bayan wayar kusa da kyamara ya yi zafin da yatsa ba ya son daɗewa a kai, kuma idan ka ajiye ta ta huce sai komai ya dawo daidai.

Akwai hanyar aunawa da ba ta cin ko dala. Manhajoji irin su AIDA64 da CPU-Z suna nuna zafin batir a wayoyin Android. Ka duba lambar kafin ka fara, ka yi wasa na minti ashirin, ka sake dubawa nan take. Sannan ka maimaita gwajin da asuba ko can cikin dare, lokacin da gari ya yi sanyi. Idan wasan dare yana tafiya lafiya har ƙarshe amma na rana yana lalacewa, ka gano mai laifin, kuma sai a lokacin ne maganar fanka take da amfani.

Shin duk fankokin waya iri ɗaya ne?

A'a, iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai nisa ƙwarai ko da yake a cikin kwali suna kama da juna, dukansu da fitilu masu launi.

Iri na farko fanka ce zalla, ƙaramar farfela a cikin roba wadda ke hura iska a bayan waya. Iyakar abin da za ta iya shi ne ta matso da zafin bayan wayar kusa da zafin iskar wurin, ba za ta taɓa kai shi ƙasa da haka ba. Mutane sukan ruɗu a nan saboda sun san yadda fankar ɗaki ke sanyaya jiki, amma jiki yana sanyi ne domin iska tana busar da gumi, kamar yadda ruwan randa ke sanyi saboda laimar da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu tana bushewa. Waya ba ta gumi. Idan iskar ɗakin tana digiri 42 kuma bayan wayar yana 45, tazarar digiri uku ce kawai fankar take aiki a kanta, wanda bai taka kara ya karya ba. A lokacin hunturu, ko a ɗaki mai na'urar sanyaya iska inda zafi bai wuce 25 ba, fankar nan tana da ɗan tasiri, sai dai a irin wannan yanayin wayar ma ba ta cika bukatarta ba.

Iri na biyu yana da faranti na ƙarfe mai sanyi wanda ke manne da bayan waya. A ƙarƙashin farantin akwai wani siririn guntu da ke aiki bisa abin da masanin kimiyya ɗan Faransa Jean Peltier ya gano a shekarar 1834: idan wuta ta ratsa mahaɗar wasu ma'adanai iri biyu, gefe ɗaya yakan yi sanyi, ɗayan ya yi zafi. Gefen sanyin yana kallon waya, gefen zafin yana manne da haƙoran ƙarfe da fanka ke hurawa. Wannan shi ne kaɗai irin da zai iya saukar da bayan waya ƙasa da zafin iskar wurin, saboda haka shi ne kaɗai ya cancanci a yi maganarsa a bazarar Tawa. Na'urorin da aka fi sani a wannan rukuni sun haɗa da FunCooler na kamfanin Black Shark da Phone Cooler Chroma na Razer, amma abin da ya fi yawa a kasuwanninmu shi ne kwaikwayonsu marasa suna, waɗanda wasu suna aiki wasu kuwa farantin ado ne kawai.

To yaya zan bambance su a shago?

Ka roƙi mai shagon ya jona na'urar a caja a gabanka, ka ɗora yatsa a kan farantin. Mai guntun sanyi na gaskiya zai yi sanyin da ba ka shakkarsa cikin rabin minti, kuma iskar da ke fita ta gefe za ta zama mai ɗumi. Idan farantin yana nan yadda yake kuma iskar ba ta ɗumama ba, fanka ce zalla, komai abin da aka rubuta a kwali. Ka kuma ɗaga ta a hannu, domin mai haƙoran ƙarfe tana da nauyi, ta roba kuwa sakayau take.

Lambobin da ake bugawa a kwali, cewa tana saukar da zafi da digiri kaza, yawanci an auna su ne a kan farantin shi kaɗai ba tare da waya mai zafi a jikinsa ba. Kada ka ɗauke su a matsayin abin da zai faru a cikin wayarka.

Idan na sayi mai faranti, wasana zai ƙara sauri?

Ba zai wuce saurin da wayar take da shi tana sanyi ba. Na'urar ba ta ƙara wa furosesa ƙarfi, abin da take yi shi ne hana shi rage ƙarfin da yake da shi, ko jinkirta lokacin da zai rage. Wayar da ba ta iya wuce hotuna 30 a sakan da asuba ba za ta wuce su ba ko da an manna mata faranti biyu. Wanda ya fi cin riba shi ne mai waya mai ƙarfi wadda zafi ke daƙilewa.

Akwai kuma wasu abubuwa biyu da ke rage tasirin, waɗanda mai talla ba zai faɗa maka ba. Na farko, a yawancin wayoyi furosesa yana can sama kusa da kyamara, maƙalar fankar kuwa tana kama tsakiyar waya, inda batir yake. Tudun kyamara yakan hana a matsar da farantin zuwa inda zafin ya fi tsanani, don haka sanyin yana bi ne ta kewaye kafin ya isa wurin. Wannan ba asara ce gaba ɗaya ba, domin sanyaya batir yana da amfaninsa, kuma wayoyi da yawa suna la'akari da zafin jiki da na batir wajen yanke shawarar rage sauri. Na biyu, bayan roba ba ya wuce da zafi kamar gilashi ko ƙarfe, kuma yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke hannun matasanmu bayansu roba ne. Rigar waya kuwa dole a cire ta. Manna faranti a kan riga mai kauri ɓarnar wuta ce kawai.

Wutar da take ci fa? Wannan ba matsala ba ce a inda ake yawan ɗauke wuta?

Matsala ce, kuma a ganina ita ce ke yanke hukunci ga mutane da yawa. Fanka zalla ba ta cin abin kirki, wat ɗaya ko biyu, shi ya sa wasunsu ke zuwa da ƙaramin batir a ciki. Mai faranti kuwa tana bukatar a jona ta da waya ta USB muddin tana aiki, kuma ƙananan cikinsu suna cin kusan wat 10, manyan su haura 20. Guntun Peltier ba shi da tattali: duk wutar da ya ci tana zama ƙarin zafi da fankar za ta fitar tare da wanda aka janyo daga waya, kuma iskar nan mai ɗumi a kan yatsunka take sauka.

Ga lissafin yadda abin yake idan fawabanki za ka dogara da shi. Wanda aka rubuta masa 10,000 mAh yana ɗauke da kusan wat-awa 37, idan rubutun gaskiya ne, kuma bayan asarar da ake yi wajen juya wutar zuwa bolt 5 abin da ke fitowa bai cika wuce 30 ba. Na'ura mai cin wat 10 za ta shanye shi cikin kusan awa uku, kuma wannan ba tare da an ba wayar kanta ko ɗigo ba. Lokacin zafi, wanda shi ne lokacin da aka fi bukatar na'urar, shi ne kuma lokacin da aka fi ɗauke wuta, saboda haka wanda fawabankinsa ɗaya ne zai zaɓa tsakanin sanyaya waya da rana da samun cajin kira da dare.

Kada a jona fankar a jikin wayar da ake son sanyayawa. Hakan yana ƙara wa batirin nauyi, ya ƙara masa zafi, ya kuma ƙarar da shi da wuri. Tsohuwar caja mai ba da amfiya ɗaya ma ba ta isa ba: fitilun za su kama, farfelar ta juya, amma farantin ba zai yi sanyin kirki ba, sai mutum ya zaci kayan ne jabu.

Na'urar za ta iya lalata waya?

Ta hanyoyi uku, kuma duk ana iya kauce musu. Da damina, musamman a watan Agusta da iska ke cike da laima, faranti mai sanyi yakan tara raɓa, kuma ruwan zai iya gangarawa zuwa ramin caji ko ya shiga ta inda bayan waya ya tsage. Haɗarin ya fi yawa idan an bar na'urar tana aiki alhali an daina wasa, domin wayar ba ta samar da zafin da zai hana wurin yin sanyi fiye da kima. Ka kashe ta da zarar ka gama, ka goge bayan wayar. A lokacin rani, da iska ta bushe ƙayau, wannan ba abin damuwa ba ne.

Hanya ta biyu ita ce matsi. Idan bayan wayarka ya fara ɗagowa, ko allon ya ɗan turo waje, alama ce ta batir ya kumbura, kuma matse irin wannan batirin da maƙala mai ƙarfi haɗari ne na gaske, har da na gobara. Mai gyara za a kai ta a canza batir, ba fanka za a saya mata ba. Ta uku ita ce maƙalar ta danne maɓallin kunnawa ko na ƙarar sauti, wanda ke sa waya ta mutu ko ta sake tashi ana tsakiyar wasa.

Ita kanta na'urar, ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabarta. Ƙura tana cika tsakanin haƙoran ƙarfen, gefen zafi ya kasa hucewa, daga nan gefen sanyi ma ya daina sanyi. Idan ƙarar farfelar ta canza ko farantin ya daina sanyi kamar da, ka share haƙoran da busasshen buroshin haƙori kafin ka yanke cewa ta mutu.

Me zai hana in ɗora wayar a kan ledar ƙanƙara, tunda ta fi araha?

Ruwa. Ledar ƙanƙara tana jiƙa duk abin da ta taɓa, kuma saukar da waya mai zafi zuwa sanyi mai tsanani farat ɗaya yakan sa raɓa ta taru a cikinta, inda ba za ka iya gogewa ba. Haka ma sanya ta a firiji.

Maɓallan harbi kuma yaya suke aiki?

Allon waya yana gane taɓawa ne ta ɗan canjin lantarki da yatsa ke kawowa. Maɓallin harbi ƙaramar maƙala ce da ke zama a gefen sama idan an kwantar da waya, tana da ɗan harshe mai ba da hanyar lantarki wanda ke kan allo, kuma idan ka danna da manuniya sai allon ya ɗauka yatsa ne ya taɓa wurin. Ba ya bukatar batir, ba ya bukatar Bluetooth, kuma wasan bai ma san da shi ba.

Amfaninsa a bayyane yake. Mai wasa da manyan yatsu biyu yana tafiya da na hagu yana juya kallo da na dama, saboda haka duk lokacin da zai harba sai ya ɗauke ɗaya daga aikinsa. Da maɓallai biyu, manuniyar hagu tana buɗe madubin bindiga, ta dama tana harbi, manyan yatsun kuwa suna ci gaba da tafiya da saiti, abubuwa huɗu a lokaci guda. Ƙwararru suna yin haka ba tare da maɓalli ba, ta hanyar ɗora yatsu huɗu a kan allo, amma wannan riƙon yana ɗaukar makonni kafin hannu ya saba, kuma yana gajiyar da wuyan hannu. Cikin kayan nan uku, maɓallan su ne mafi araha, kuma su ne suke canza yadda mutum ke wasa nan take. Ga mai buga ƙwallo irin eFootball ko wasannin lissafi, ba su da wani amfani.

Yaya ake saita su, kuma me ke hana su aiki?

Ba a ɗaura su kawai a shiga fage. A PUBG Mobile, idan wasan yana cikin Ingilishi, za ka shiga Settings, ka nemi wurin sauya matsayin alamomi mai suna Customize, ka ja alamar harbi zuwa kusurwar sama inda harshen maɓallin zai sauka, ka ja alamar madubi zuwa ɗaya kusurwar, ka ƙara girmansu kaɗan, ka adana. Bayan haka sai ka ɗaura maɓallan daidai kan alamomin, ka gwada a filin atisaye. Sauran wasannin harbi suna da irin wannan wurin sauya matsayin alamomi. Ka kula kada harshen ya rufe taswira, domin a saman allon take.

Idan maɓalli yana amsawa wani lokaci yana ƙi wani lokaci, ka fara duba gilashin kariya, domin mai kauri ko wanda ya ɗago a gefe yana raunana taɓawar. Maiƙo da ƙura a kan harshen suna yin haka su ma. Wayoyi masu lanƙwasasshen gefe ba sa riƙe maƙalar da kyau. Akwai kuma wasu ƙananan wayoyi da allonsu ba ya gane yatsu da yawa lokaci guda yadda ya kamata, sai ka ga da ka danna harbi tafiyarka ta tsaya. Kafin ka saya, ka gwada allonka da manhajar gwajin taɓawa, ka ɗora yatsu huɗu ka ga ko duk sun fito, biyu daga cikinsu a jere a layi ɗaya.

A shago, ka danna maɓallin sau da yawa ka saurara. Wanda ke yin ƙaramar ƙara mai kaifi kuma ya dawo nan take ya fi wanda ke nutsewa laushi-laushi. Ka duba kuma ko cikin maƙalar yana da roba mai laushi, domin ƙarfe tsirara yana karce gefen waya.

Za a iya rufe mini asusu saboda amfani da su?

Maɓalli na hannu, wanda dannawa ɗaya take ba da taɓawa ɗaya, ba ya taɓa manhajar wasan, kuma da wuya ya jawo matsala a wasan yau da kullum. Amma akwai wani iri mai batir wanda ke aika taɓawa da yawa a sakan da dannawa ɗaya, yana mayar da bindiga mai harbi ɗaya-ɗaya kamar mai sarrafa kanta. Wannan na'ura ce ke yin abin da yatsa ba zai iya ba, kuma irin abin da kamfanonin wasa ke iya ɗauka a matsayin maguɗi ne. Haka nan duk kayan da ya ce sai ka saka wata manhaja da za ta hau kan wasan. Asusun da ka shekara kana ginawa ya fi ƙarfin wannan kasadar. A gasa kuwa dokar masu shiryawa ce ke aiki, kuma manyan gasanni da yawa suna hana maɓallan gaba ɗaya, saboda haka mai burin shiga gasa gara ya koyi yatsu huɗu tun yanzu.

Mariƙi fa, yana da wani amfani?

Amfaninsa jin daɗin hannu ne kawai. Idan hannunka yana sagewa ko ƙaramin yatsanka yana ciwo bayan awa ɗaya, mariƙi zai taimaka, kuma yana raba tafin hannu mai gumi da bayan waya. Sai dai ka guji wanda ya rufe bayan wayar baki ɗaya ko ya toshe ramin caji da na abin sauraro. Irin da ake haɗa komai a jiki ɗaya, mariƙi da maɓallai da fanka da batir, yana jan ido, amma fankarsa kusan kullum zalla ce, kuma idan maɓalli ɗaya ya karye duka kayan ne ya tashi aiki.

A ce ina da jaka goma da na ware, me ya kamata in yi da ita?

Mu ɗauki misalin ɗalibi a Tawa mai waya matsakaiciya, irin masu furosesa Helio G99, mai bayan roba, wanda ke buga PUBG Mobile bayan la'asar a cikin watan Mayu, wayar tana cikin riga kuma tana jone da caja. A ce ya auna ya ga batir yana digiri 38 kafin ya fara, ya kai 45 bayan minti ashirin, kuma a daidai lokacin ne wasan ya soma nauyi, alhali ping yana nan kore. Wannan zafi ne ba tantama.

Kafin ya kashe ko dala, akwai abubuwan da zai yi. Ya cire rigar. Ya cika caji tun kafin wasa ya zare cajar, domin caji da wasa a lokaci guda wuta biyu ce a ƙarƙashin batir ɗaya, kuma zafin da ya haura 45 lokacin caji yana tsufar da batirin lithiyam da sauri. Idan wayarsa tana da tsarin Bypass Charging, kamar wasu wayoyin Infinix, sai ya kunna shi, domin yana kai wuta kai tsaye ga wayar ba tare da cusa ta cikin batir ba. Ya mayar da ingancin hoto zuwa Smooth, wanda ke sauke wa furosesa nauyi mai yawa kuma ba ya rage ganin abokin gaba. Ya zaɓi yawan hotunan da wayar za ta iya riƙewa har ƙarshe, domin 40 da ke tsaye sun fi 60 da ke faɗuwa zuwa 25 a tsakiyar faɗa. Ya rage hasken allo, ya bar rumfar kwano ya koma inuwa mai iska. Sannan ya sake aunawa.

Idan bayan wannan zafin ya tsaya a wajen 41 ko 42 kuma wasan bai ƙara nauyi ba, ba ya bukatar fanka. Sai ya sayi maɓallai masu kyau guda biyu, ragowar kuɗin ya tafi ga data ko ya tara don fawabanki. Idan kuwa har yanzu yana haura 44 yana sarƙewa, kuma yana da caja mai amfiya biyu da wurin jonawa, to mai faranti ta cancanci kuɗinta, bisa sharaɗin ya gwada sanyinta da yatsa a shago, ya kuma tabbatar maƙalar ta kama wayarsa ba tare da ta hau tudun kyamara ko ta danne maɓallin gefe ba. Ya tafi da wayar shagon, ya haɗa fankar da maɓallan a jikinta lokaci guda, domin a kan gajeriyar waya sukan yi rigimar wuri, kuma igiyar fankar takan faɗo daidai inda hannu ke riƙewa.

Wane ne bai kamata ya sayi ko ɗaya ba?

Wanda wayarsa ke sarƙewa tun daga minti na farko ko da gari yana sanyi, wanda ping ɗinsa ke ja kullum, da wanda batirinsa ya kumbura ko yake ƙarewa cikin awa ɗaya. Na farko ya tara kuɗin don waya mai ƙarfi, ko ya koma wasa mara nauyi kamar Free Fire, wanda aka tsara shi don ƙananan wayoyi. Na biyu ya gwada wani layin ko wani wurin zama, ko ya sauya lokacin wasa zuwa sa'ar da rezo ba shi da cunkoso. Na uku ya kai wayar wurin mai gyara a canza batir kafin ya sake buɗe wasan.